Sun ce tsohuwar cuta ce: yadda fayil ɗin asibiti ke ƙwato wa mai inshora haƙƙinsa

Mutum ya sayi inshorar lafiya da kuɗinsa, ciwo ya kama shi, aka yi masa aiki, sai kamfanin ya aiko da saƙo mai layi biyu cewa ba zai biya ba, domin wai da cutar ya shigo. Da yawa daga nan suke haƙura, su sayar da abin da suka mallaka su biya asibiti. Alhali wannan hukunci na farko ra'ayin ma'aikacin da ya karanta takardu ne kawai, kuma takardu na iya rushe shi.

An fi gamuwa da wannan sharaɗi a tsarin da mutum ke saya wa kansa ko iyalinsa daga kamfanonin da ake kira HMO, da kuma inshorar tafiya ƙasar waje. Dalilinsa a fili yake: kamfani ba ya son wanda zai jira sai ciwo ya kwantar da shi sannan ya zo ya yi rajista. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne idan aka ɗora sharaɗin a kan wanda bai shafa ba.

A ɗauka wata 'yar kasuwa ta yi rajista ranar 1 ga Fabrairu. A watan Satumba ciwo ya murɗe ta a gefen dama na saman ciki, ga amai da zazzaɓi. Hoton ciki ya nuna duwatsu a matsarmama tare da kumburi, aka cire matsarmamar. Kamfani ya ƙi biya. Me ya gani? Ranar da aka kwantar da ita, likitan da ya karɓe ta ya tambaye ta ko ta taɓa ciwon ciki, ta ce ai shekara uku ke nan tana fama da shi, shi kuwa ya rubuta haka a fayil. Wannan layi guda shi ne dukan hujjar kamfanin.

Kafin ta rubuta komai, sai ta nemi a ba ta dalilin ƙin biyan a rubuce, tare da sakin layin yarjejeniyar da aka dogara da shi. A nan ne shari'ar take. Wata yarjejeniyar tana cewa tsohuwar cuta ita ce wadda aka gano, ko aka yi wa magani, ko alamunta suka bayyana kafin ranar rajista. Wata kuwa tana cewa duk cutar da ke jiki kafin ranar, an sani ko ba a sani ba. Bambancin babba ne, domin duwatsun matsarmama kan yi shekaru ba su motsa ba. A ƙarƙashin ma'ana ta farko, ya ishe ta ta nuna babu wanda ya taɓa gano su kuma ba su taɓa damun ta ba. A ƙarƙashin ta biyu, sai ta kawo abin da ke nuna ba su nan. Haka kuma ta duba ko dalilin na ainihi wa'adin jira ne, wato watannin farko da wasu tsare-tsare ba sa ɗaukar nauyin tiyata ko haihuwa ko da cutar sabuwa ce. In wannan ne, tara takardun asibiti ba zai amfane ta ba.

Daga nan sai ofishin kati. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa mutum damar neman bayanan da ake riƙe da su a kansa, kuma kundin haƙƙoƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 ya amince da haƙƙin majinyaci a kan bayanan lafiyarsa. Za ta rubuta takardar buƙata, ta sa lambar katinta, ta nemi kwafi mai tambarin asibiti. Kada ta tsaya ga asibitin da aka yi aikin kaɗai; asibitin da take zuwa tun da can ya fi muhimmanci, domin shi ke ba da labarin jikinta kafin ranar 1 ga Fabrairu.

A misalinmu, tsohon fayil ya nuna abubuwa biyu. Ciwon shekara ukun gyambon ciki ne, wanda aka fi sani da olsa: an yi mata gwaji, an ba ta maganinsa, kuma duk zuwan da ta yi a kan zafin ƙirji da ƙunar ciki ne. Sannan a watan Nuwamban da ya gabaci rajistar an yi mata hoton ciki gaba ɗaya, rahoton ya ce matsarmama lafiya lau, babu dutse. Wannan takarda guda ta fi rantsuwa goma ƙarfi, ga ta da kwanan wata, ga shi an rubuta ta tun babu wanda ya san za a yi jayayya. Amma a lura da irin hoton. Sikanin awon ciki na masu juna biyu yana duba jariri da mahaifa ne, shirunsa game da matsarmama ba shaida ba ce.

Abin da zai haɗa waɗannan takardu shi ne wasiƙar likitan da ya yi aikin. Rahoton da ya ce "an yi mata tiyata, ta samu sauƙi" ba ya amsa komai. Wanda ake buƙata shi ne mai faɗin ranar da alamun suka fara, ranar da aka gano cutar da kuma gwajin da ya gano ta, sannan ya bayyana cewa gyambon ciki da duwatsun matsarmama cututtuka biyu ne a gaɓoɓi biyu, ɗaya ba ci gaban ɗaya ba ne. Game da layin nan da ya jawo matsala, kada a roƙi kowa ya goge shi ko ya canza shi. Fayil da aka taɓa yakan koma shaida a kan mai shi. Hanyar da ta dace ita ce likita ya rubuta ƙarin bayani a ƙasa, da kwanan wata na ranar da sa hannunsa.

Takardar ƙorafin kanta shafi ɗaya ya wadatar: lambar rajista, lambar buƙatar da aka ƙi, kalmomin sharaɗin kamar yadda suke, sai ranaku bi da bi, kowace da takardar da ke tabbatar da ita. A aika kwafi, a riƙe na asali, a karɓi shaidar cewa an karɓa, kuma a yi haka cikin wa'adin da yarjejeniyar ta gindaya.

Dole in faɗi inda mutanenmu ke faɗuwa, domin abin yana damu na. Wanda duk jinyarsa a kemis ce ba shi da tarihin da zai nuna. Wanda ke yankar sabon kati a kowane zuwa, yau da wannan suna, gobe da wata ranar haihuwa, ya warwatsa shaidarsa da hannunsa. Sai kuma wanda ya ɓoye hawan jini ko ciwon suga a fom ɗin rajista: shi fayil ɗin da zai nema shi zai tona shi, kuma kamfani na da gaskiya.

Idan kamfanin HMO ya kafe bayan an kai masa hujja, ana kai ƙara ga hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, kuma ita ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni. In inshorar tafiya ce daga kamfanin inshora na gida, hukumar NAICOM ce ke karɓar ƙorafi. Takardun da aka riga aka haɗa su ne za a sake miƙawa.

Kai da ke shirin yin rajista, ka je asibitinka tun yanzu ka karɓi kwafin sakamakon gwaje-gwajenka da rahoton duk wani hoto da aka taɓa yi maka, ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na fom ɗin, ka adana su tare da yarjejeniyar.