Zanen Lalle a Kan Matashi: Abin Dubawa Kafin Sarin Kayan Sallah

Da zarar azumi ya raba tsakiya, masu sarin kayan adon ɗaki tsakanin Maraɗi da Jibiya sukan shiga neman matasan kujera da tutocin barka da Sallah da ƙyallen ratayawa a bango. Zanen da ke kansu iri biyu ne: mai kusurwoyi irin dagi da askar babbar riga, da mai furanni da ganye irin na lallen amarya.

Sai dai kowane zane da muhallinsa. Lalle siririn zane ne, a kusa ake ganin kyansa, shi ya sa ya dace da matashi. Idan aka ɗora shi kan tuta, daga nesa sai ya cakuɗe. Tuta manyan layuka take so, irin na dagi. Kafin ka biya, ja da baya taku goma ka duba.

A lissafin yadi kuwa, matashi mai santimita 40 kowane gefe yana cin ƙyalle biyu masu santimita 43, saboda bakin ɗinki. Ke nan mita ɗaya mai faɗin santimita 150 tana fitar da matashi uku.

Haka kuma, goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan jan zare ko baƙi. In ya rine, zaren zai zuba a wankin farko, mai saye kuma ya dawo maka da kayanka.

Rubutun aya ko sunan Allah kuwa, a bar shi ga na bango. Matashi jingina ake yi da shi, har a zauna a kai.