Hannun Kabon Huɗu Ne: Zanen Ƙwarangwal da Haidurojin ɗin da Ba a Rubuta Ba

Wata rana da yamma ƙanwata ta kawo mini littafinta na kemistiri, ranta a ɓace. Ta nuna mini wani zane mai kamar haƙoran zarto, `/\/`, babu harafi ko ɗaya a jikinsa. Ta ce, "Yaya, wai malam ya ce wannan gas ɗin girki ne, kuma akwai haidurojin goma a ciki. Ina suke?" Na ba ta fensir na ce ta ɗiga ɗigo a kan kowace kwana, da kuma bakin layin na farko da na ƙarshe. Ta ɗiga, ta ƙirga: huɗu. Daga nan aikin ya fara sauƙi.

Abin da ta gani shi ne zanen ƙwarangwal. Masana sinadarai sun gaji da rubuta C da H sau tari a takarda, shi ya sa suka yarda a kan wata ƙa'ida: kowace kwana kabon ce, kowane bakin layi da ba a rubuta wani harafi a wurinsa ba shi ma kabon ne, kowane layi kuma haɗi ne tsakanin ƙwayoyin zarra biyu. Haidurojin ɗin da ke jikin kabon ba a zana shi. Dalilin da ya sa aka iya barinsa shi ne abin da August Kekulé da Archibald Scott Couper suka bayyana, kowa daban, a shekarar 1858: kabon yana yin haɗi huɗu, kuma yana iya kama ɗan'uwansa kabon su yi sarƙa. A ɗauke shi kamar mai hannu huɗu wanda ba ya barin ko ɗaya a sake. Idan ka ga layi biyu sun fito daga jikinsa, to sauran hannuwan biyu haidurojin suke riƙe da shi. Lissafin ke nan gaba ɗaya: a cire yawan layukan da suka taɓa kabon daga huɗu, abin da ya rage shi ne haidurojin ɗinsa.

A zanen ƙanwata, kabon na farko layi ɗaya ya taɓa shi, saboda haka yana da uku. Na biyu da na uku layi biyu-biyu, haidurojin biyu-biyu. Na ƙarshe uku. Uku da biyu da biyu da uku, goma ke nan. Wannan shi ne biyuten, `CH3CH2CH2CH3`, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cikin tukunyar gas. Kuskuren da na fi gani a wannan mataki shi ne ƙirga layuka a maimakon ɗigo. Layuka uku ne, kabon huɗu. Wanda ya ja layi huɗu don biyuten ya zana wani sinadarin daban mai kabon biyar. Lanƙwasar ma ba ado ba ce. Haɗe-haɗen kabon suna buɗewa da kusurwa ta kimanin digiri 109.5, sarƙar ba ta miƙe kamar sanda ba, kuma da a miƙe aka ja layin da ba wanda zai san inda wani kabon ya ƙare wani ya fara.

Inda ake shan wuya shi ne tasowa daga dunƙulalliyar fomula zuwa zane, musamman idan baka ta shigo. Bari mu ɗauki sinadarin da ake auna ingancin man fetur da shi, wato aiso-okten, wanda aka ba lamba 100 a ma'aunin okten saboda yana ƙonewa a inji ba tare da saurin fashewa ba. Ga yadda ake rubuta shi:

```
(CH3)3CCH2CH(CH3)2
```

Kada a fara jan layi tukuna. A fara da ƙirga kabon: uku a bakar farko, sai C, sai CH2, sai CH, sai biyu a bakar ƙarshe. Takwas. A rubuta takwas ɗin a gefen takarda, za a dawo gare shi.

Sai a tambayi abin da ke cikin baka: hannu nawa ya rage maka? CH3 ya riga ya ba haidurojin hannu uku, saura ɗaya. Mai hannu ɗaya ba ya iya tsayawa a tsakiyar sarƙa, domin na tsakiya dole ya kama na hagu ya kama na dama. Ke nan `(CH3)3C` ba sarƙar CH3 uku a jere ba ce. Dukansu ukun suna rataye ne a jikin C ɗin da ke biye da su. Haka ma `CH(CH3)2`: biyun nan suna jikin CH ɗin da ya gabace su.

Yanzu a zana. A ɗauki CH3 ɗaya daga ukun farko ya zama farkon sarƙa, ɗaya daga biyun ƙarshe ya zama ƙarshenta. An sami sarƙa mai kabon biyar, wato layi huɗu, `/\/\`. A sa wa ɗigon lamba daga hagu, 1 zuwa 5. A kan na 2 a ja gajerun layuka biyu masu kallon sama, ɗaya ya karkata hagu ɗaya dama. A kan na 4 a ja guda ɗaya. Zane ya kammala, babu harafi ko ɗaya. A ƙirga ɗigo: biyar na sarƙa da uku na rassa, takwas, ya yi daidai da abin da aka ajiye a gefe.

Saura haidurojin, kuma a nan ina so mai karatu ya rufe fomular da tafin hannunsa, ya dubi zanen kaɗai. Bakin layi guda biyar ne a zanen: biyu na sarƙa, uku na rassa. Kowane ɗayansu layi ɗaya ya taɓa shi, haidurojin uku-uku, goma sha biyar. Kabon na 2 layi huɗu suka haɗu a kansa, hannunsa ya cika, ba shi da ko ɗaya. Na 3 layi biyu, yana da biyu. Na 4 layi uku, yana da ɗaya. Jimla 18. A ɗaga hannu a duba fomula: C, CH2, CH. Abin da zanen ya faɗa shi ne abin da fomular ta faɗa.

Kabon na 2 ɗin nan shi ne wanda ɗalibai suke yawan yi wa ƙari. Ido ya saba ganin H kusa da C, sai hannu ya ƙara masa guda, ya zama mai haɗi biyar. A zanen darasi irin wannan, duk inda ka ga kabon mai haɗi biyar, kuskure ne, a goge.

Akwai bakar da ba reshe ba ce, kuma tambayar hannu ita ce ke raba su. A `CH3(CH2)4CH3`, abin da ke cikin baka CH2 ne, wanda hannu biyu suka rage masa. Mai hannu biyu yana kama hagu da dama, don haka huɗun nan a jere suke cikin sarƙa. Zanen `/\/\/` ne kawai, kabon shida, babu reshe. Na sha ganin an rataya su huɗun a jikin kabon ɗaya saboda an haddace cewa baka tana nufin reshe. A ganina haddar nan ita ce ke cutar da yara. Wanda ya saba tambayar hannu nawa ya rage ba ya buƙatarta.

Ana kuma iya tabbatar da jimla ta wata hanyar. Sinadarin kabon da haidurojin zalla, wanda ba shi da haɗi mai ruɓi biyu kuma ba shi da zobe, yawan haidurojin ɗinsa shi ne a ninka yawan kabon sau biyu a ƙara biyu. Takwas sau biyu sha shida, da biyu, 18. Kowane haɗi mai ruɓi biyu yana rage biyu, kowane zobe ma yana rage biyu. Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Yana kama wanda ya manta kabon ko ya ƙara haidurojin, amma ba ya kama wanda ya sa reshe a inda ba wurinsa ba. Sinadarai 18 ne masu fomula `C8H18`, kowanne da tsarin sarƙarsa. Wanda ya matsar da reshen kabon na 4 zuwa na 3 zai sami kabon takwas da haidurojin 18 cif, alhali wani abu daban ya zana. Shi ya sa ƙirgar kabon ɗaya bayan ɗaya ta fi jimla amfani: a zanen kuskuren, na 3 zai ba da ɗaya, na 4 ya ba da biyu, fomula kuwa ta ce na 3 CH2 ne, na 4 CH.

Idan oksijin ya shigo, ƙa'idar ba ta canzawa, abu biyu kawai ake ƙarawa. Duk ƙwayar da ba kabon ba ce ana rubuta harafinta, haidurojin ɗin da ke jikinta ma ana rubuta shi a fili. Misali mai kyau shi ne asid ɗin laktik, wanda ke ba nono da kindirmo tsaminsu: `CH3CH(OH)COOH`. Kabon uku ne, layi biyu, `/\`. A na tsakiya a ja layi sama a rubuta OH a bakinsa. Lura: bakin layin da aka rubuta wa harafi ba kabon ba ne, kada a ƙirga shi. Sai COOH, wanda rubutunsa ke ruɗarwa, kamar O biyu ne a jere. Ba haka ba ne. Dukansu a jikin kabon ɗin suke: ɗaya da layi biyu, saboda oksijin hannu biyu gare shi kuma duka biyun ya miƙa wa kabon, ɗayan kuma da layi ɗaya, a matsayin OH.

A ƙirga. Na farko layi ɗaya, haidurojin uku. Na tsakiya layi uku, ɗaya. Na ƙarshe ana ganin abu uku a jikinsa, amma layukan huɗu ne, tunda mai ruɓi biyun hannu biyu ya ci. Ba shi da komai. A nan ne wanda ke ƙirga maƙwabta a maimakon layuka yake ƙara haidurojin ɗin da babu shi. Huɗu a ɓoye, biyu a rubuce cikin OH, shida ke nan, `C3H6O3`. Gwajin jimla ma ya yarda: uku sau biyu da biyu takwas ne, a cire biyu na haɗi mai ruɓi biyu, shida. Oksijin ba ya taɓa wannan lissafi.

Akwai inda cirewa daga huɗu ba ta aiki kai tsaye: idan an sa wa kabon alamar tarawa ko ta cirewa, mai nuna yana ɗauke da caji. Irin wannan haɗinsa uku ne, daga uku ake cirewa. Ba a cika haɗuwa da shi ba sai an kai darasin yadda sinadarai ke sauyawa, amma a riƙa duba gefen kwana kafin a ƙirga.

Da muka gama, na rubuta wa ƙanwata `CH3COCH3`, wato asiton, ruwan da ake goge fentin farce da shi. Ta fara zana oksijin a tsakiyar sarƙa, ta ƙirga, ta ga kabon na biyu layi biyu kawai ya taɓa shi alhali fomula ba ta ba shi haidurojin ba. Ta goge da kanta, ta ɗaga O ɗin sama da layi biyu, ta rubuta uku, sifili, uku a ƙarƙashin ɗigon.