Alamomin Markdown da Yadda Suke Komawa Tarkace a Kan Allo

Markdown wata hanya ce ta tsara rubutu wadda John Gruber ya fito da ita a shekarar 2004. A wannan tsari marubuci ba ya kaurara kalma da kansa. Abin da yake yi shi ne sanya wasu alamomi a jikinta, ya bar wa manhajar da za ta nuna rubutun aikin ɓoye alamomin da aiwatar da abin da suke nufi. Ke nan alamomin umarni ne ga manhaja, ba don idon mai karatu aka yi su ba.

Mu ɗauki misalin malamin da ya shirya wa ɗalibansa wannan taƙaitaccen bayani:

```
## Jinsin Suna
- **Namiji:** yaro, zakara
- **Mace:** yarinya, kaza
```

A manhajar da ta san Markdown, layin farko zai fito a matsayin kanun magana, sauran biyun kuma su zama jeri, kalmomin "Namiji" da "Mace" su yi kauri. To, amma idan aka tura bayanin ta saƙon tes na wayar hannu, babu abin da zai aiwatar da umarnin. Ɗalibi zai ga alamomi 12 zube cikin layi uku kacal, 8 daga cikinsu taurari ne. Rubutun bai lalace a hanya ba, ya isa ne yadda aka buga shi.

Ga malamin harshe, matsalar ta wuce ta rashin kyan gani. A nazarin nahawu, tauraro a gaban jimla yana nuna cewa ba karɓaɓɓiya ba ce, kamar a ce \*yaro ta zo. Saboda haka ɗalibin da ya saba da wannan ƙa'ida yana iya zaton kalmar da taurari suka kewaye kuskure ce, alhali malamin so ya yi ya jaddada ta. Wani abin lura kuma, ko manhajojin da ke amfani da tauraro bakinsu bai zo ɗaya ba: tauraro guda a kowane gefen kalma yana karkata ta a Markdown, amma a WhatsApp kaurara ta yake yi.

Ya kamata a bambanta wannan da matsalar haruffa masu ƙugiya. Idan ƙ ko ɗ suka koma ɗan akwati, na'urar ce ba ta da siffar harafin. A matsalar Markdown kuwa, haruffa suna nan lafiya, sai dai a ga `#` a farkon layi da taurari bibbiyu gaba da bayan kalma.

Don haka kafin malami ya raba bayani, sai ya fara tura wa kansa ta hanyar da ɗalibai za su karɓe shi. In alamomin sun bayyana, ya share su, ya tsara bayanin da lambobi da ruwa biyu da tazarar layi, ko kuma ya mayar da shi PDF daga manhajar da ta riga ta aiwatar da su.