SQL ko NoSQL: Ina Mai Rubuta Manhaja Zai Ajiye Bayanansa?

A ce wani matashi ya zauna zai rubuta manhajar adashi. Mutum 12 ne a ƙungiya, kowa yana zuba naira 10,000 a wata, mai kwasa ya tafi da 120,000. Kafin ya zana ko da maɓalli ɗaya, dole ya yanke shawarar inda zai ajiye sunaye, zubi da kwasa. Rumbun bayanai iri biyu ne a gabansa, kuma wanda ya ɗauka yau da wuya ya rabu da shi baɗi.

Na farko shi ne dangin SQL, irin su PostgreSQL, MySQL da SQLite. Tushensu wata maƙala ce da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970. Tsarin kamar littafin lissafin ɗan kasuwa ne: tebur na mambobi daban, na zubi daban, kowane layin zubi yana ɗauke da lambar mai shi kawai. Sunan mutum da lambar wayarsa wuri ɗaya aka rubuta su. Ranar da ya sauya layi, gyara ɗaya ya wadatar.

Na biyu, NoSQL, laima ce da ta tattara abubuwa mabambanta, kuma sunan ya bazu ne wajen 2009. Wanda masu sabuwar manhaja suka fi karo da shi shi ne mai ajiya a fayil-fayil, kamar MongoDB da Firestore. A nan kowane mamba yana da fayil ɗinsa, da sunansa da tarihin zubinsa duk a cikinsa, kamar jakar takardun majinyaci a asibiti. Buɗewa ɗaya, komai ya fito. Daɗin aikin a makon farko ba a magana, don babu wanda ya tilasta maka fayyace tsari tun da wuri.

To amma mu dawo ranar kwasa. Kuɗi zai fita daga asusun ƙungiya ya shiga na mamba na 7. Aiki biyu ne, kuma ko dai su faru tare ko kada ko ɗaya ya faru:

```sql
BEGIN;
UPDATE asusu SET kudi = kudi - 120000 WHERE id = 1;
UPDATE asusu SET kudi = kudi + 120000 WHERE id = 7;
COMMIT;
```

Idan wuta ta ɗauke wa sabar bayan an cire kuɗin amma kafin a kai ga `COMMIT`, rumbun zai mayar da komai yadda yake, ba za a wayi gari da 120,000 sun yi ɓatan dabo ba. Haka kuma ana iya kafa masa doka, `CHECK (kudi >= 0)`, ta yadda ko manhajar ta yi kuskure, asusu ba zai taɓa komawa ƙasa da sifili ba. Gaskiya MongoDB ma ya samu ikon haɗa gyaran fayiloli da yawa cikin aiki ɗaya tun sigar 4.0 a 2018, sai dai asalin gininsa na fayil guda ne, kuma wanda kusan kowane aikinsa ke taɓa fayiloli uku ko huɗu yana ninƙaya ne yana fuskantar ruwa.

Akwai kuma tambayar da ba a zata ba. Bayan wata shida uwar adashi za ta ce a fito mata da waɗanda suka makara sau biyu a ƙungiyoyi daban-daban. A SQL, `JOIN` ne da layi kaɗan. A tsarin fayil, inda aka jera bayanai bisa tambayoyin da aka hango tun farko, sau da yawa sai an sake fasali. Alamar an yi zaɓen tumun dare ke nan: ka ga kanka kana kwafar suna ɗaya a wurare biyar, ko fayil yana ta kumbura yana tunkarar iyakar megabait 16 da MongoDB ya sa.

Ba wai NoSQL ba shi da ranarsa ba. Kantin intanet mai sayar da atamfa, waya da taki yana da kaya masu siffofi daban, wannan yadi, wancan batir, kuma fayil ya fi dacewa da su. Firestore yana riƙe bayanai a kan waya idan babu sabis, ya aika idan ya dawo, abin da mai aiki a ƙauye zai yaba, amma yana cajin kuɗi bisa yawan fayilolin da aka karanta. Cassandra kuwa, da aka ƙirƙira a Facebook, don rarraba bayanai a kan sabar masu yawa aka yi ta, matsalar da manhajar mutum dubu biyar ba ta da ita.

Ni dai da matashin nan zai tambaye ni, PostgreSQL zan ce. Tun 2014 yana da nau'in `jsonb`, wanda ke ba shi damar ajiye bayanai marasa tsayayyen tsari a gefen teburin kuɗi. Saƙonnin tunatarwa da zaɓin kowane mamba su shiga can, zubi da kwasa su zauna a tebur.