Yadda Ake Gina Matacin Saƙonnin Cin Zarafi a Manhajar Neman Abokin Soyayya

A watan Janairun 2020 kamfanin Tinder ya fito da wani tsari mai suna "Does This Bother You?", wanda ke tambayar mai karɓar saƙo ko abin da aka aiko ya dame shi, sannan a 2021 ya ƙara da "Are You Sure?", wanda ke tsayar da mai aikawa ya sake tunani kafin saƙon ya fita. Duka biyun sun dogara ne da mataci, wato wani ɗan tsarin kwamfuta da aka koya wa rarrabe saƙon cin zarafi da na lafiya ta hanyar nuna masa misalai masu yawa. Abin lura shi ne a duka biyun matacin bai yanke hukunci ba, tambaya kawai yake jefawa, kuma dalilin hakan yana cikin yanayin hirar masoya, inda kalma ɗaya kan zama zolaya a bakin wanda aka saba da shi, ta zama tsangwama a bakin baƙon da aka riga aka ce wa a'a.

Aikin yana farawa ne daga tattara misalai da yi musu alama, kuma a nan ne mafi yawan matatai ke lalacewa tun kafin a rubuta layi ɗaya na umarnin kwamfuta. Saƙonnin da masu amfani suka kai ƙara a kansu su ne tushen farko, sai dai ba a ɗaukar su a matsayin gaskiya kai tsaye, domin wani yakan kai ƙarar wadda ta ƙi shi don huce haushi, wata kuma takan toshe mai zaginta ta yi shiru ba tare da ta kai ƙara ba. Saboda haka ake rubuta ƙa'ida a fili kan abin da ake nufi da zagi, da batsar da ba a nema ba, da barazana, a ba mutum biyu saƙonni iri ɗaya kowa ya yi alamarsa ba tare da ya ga ta ɗan'uwansa ba, sannan a duba inda suka saɓa. Idan saɓanin ya yi yawa, ƙa'idar ce ba ta fita ba, kuma duk abin da mutum biyu masu hankali suka kasa daidaitawa a kai, kwamfuta ba za ta iya koyonsa ba. Wajibi ne kuma a goge sunaye da lambobin waya da adireshi kafin saƙon ya isa gaban mai alama, tunda hirar sirri ce ta mutanen da suka ba manhajar amana.

Kwamfuta ba ta karanta kalma, lissafi take yi, don haka ake mayar da kowane saƙo jerin lambobi. Hanya mafi sauƙi ita ce TF-IDF, wadda ke ba guntun rubutu nauyi idan ya yawaita a saƙo ɗaya amma ya yi ƙaranci a sauran saƙonni. Ya fi dacewa a yanka rubutun zuwa guntaye na haruffa 2 zuwa 5 maimakon cikakkun kalmomi, domin mai zagi yakan sauya harafi da lamba ko ya ja wasali don ya kuɓuta, kamar mai rubuta `sh3giya` ko `shegiyaaa`, waɗanda har yanzu suke ɗauke da guntayen asalin kalmar. Wannan yanka yana taimakawa ƙwarai a rubutun Hausa na waya, inda ake zubar da ƙugiyar haruffa, ake kuma cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya. Da laburaren scikit-learn na harshen Python, ginin bai wuce haka ba:

```python
from sklearn.pipeline import make_pipeline
from sklearn.feature_extraction.text import TfidfVectorizer
from sklearn.linear_model import LogisticRegression

model = make_pipeline(
    TfidfVectorizer(analyzer="char_wb", ngram_range=(2, 5), min_df=3),
    LogisticRegression(class_weight="balanced", max_iter=1000))
model.fit(X_train, y_train)
maki = model.predict_proba(X_test)[:, 1]
```

Abin da ke fitowa maki ne tsakanin 0 da 1 ga kowane saƙo. Kafin a yarda da shi, dole a ware wani kaso na misalan don gwaji, kuma a ware shi bisa ga mai aikawa, ta yadda saƙonnin mutum ɗaya ba za su kasance a ɓangaren koyo da na gwaji a lokaci guda ba. Masu tsangwama sukan kwafi saƙo ɗaya su aika wa mata da dama, kuma idan kwafi ya faɗa ɓangarorin biyu, matacin zai yi kamar ya ƙware alhali hadda ya yi.

A ƙaddara, don misali kawai, cewa saƙonnin gwaji 10,000 ne kuma 200 daga cikinsu na cin zarafi ne. Matacin da ya ce duk saƙonni lafiya suke zai yi daidai sau 9,800, wato kashi 98 cikin 100, ba tare da ya kare ko mutum ɗaya ba, shi ya sa wannan ma'auni ba ya da amfani a nan. Ma'aunai biyu ake dubawa. Na farko, wanda allon kwamfuta ke kira `precision`, yana tambayar nawa ne masu laifin gaske cikin waɗanda aka kama. Na biyu, `recall`, yana tambayar nawa aka kama cikin dukan masu laifi. Idan aka sa iyakar maki a 0.5 matacin ya kama 300, cikinsu 150 na gaske, to na farko ya zama kashi 50, na biyu kashi 75. Idan aka ɗaga iyakar zuwa 0.9 ya kama 100, cikinsu 85 na gaske, na farko ya haura zuwa kashi 85, na biyu ya faɗo zuwa kashi 42.5, ma'ana saƙonnin cin zarafi 115 sun wuce ba a gan su ba. Lamarin kamar idon rariya ne, kuma babu idon da zai riƙe duk tsakuwa ya saki duk gari.

Mafitar ita ce a sa iyaka biyu gwargwadon nauyin abin da zai biyo baya. Ƙaramar iyaka ta dace da tambayar mai karɓa ko ɓoye saƙon har sai ta zaɓi buɗewa, domin kuskure a nan bai wuce taɓa allo sau ɗaya ba, amsarta kuma ta zama sabon misali na koyo. Babbar iyaka ita ce ke tura saƙo gaban ma'aikaci mai dubawa.

Akwai kuma abin da irin wannan mataci ba ya gani sam. Jimlar "Na san layin gidanku" ba ta ɗauke da kalmar zagi ko ɗaya, amma idan ita ce saƙo na goma sha biyu bayan an daina amsa wa mai ita, barazana ce tsagwaronta. Wadda aka zaga kuma ta maimaita kalmar tana cewa "ni kake kira haka?" tana iya samun maki fiye da wanda ya fara. Maganin farko shi ne a ƙara wa matacin bayanan hirar, kamar yawan saƙonnin da aka jera babu amsa, da ko saƙon farko ne, da yawan waɗanda suka toshe mai aikawar a baya. Na biyu shi ne a riƙa zama kowane mako a karanta kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, a rarraba su bisa harshe da salon magana, domin an riga an nuna a wani bincike na 2019 cewa matatan Turanci sukan fi ɗora laifi kan karin maganar baƙaƙen fatar Amurka. Duk manhajar da ta rufe asusun mutum bisa makin mataci kaɗai, ba tare da ɗan'adam ya karanta hirar ba kuma babu hanyar ɗaukaka ƙara, za ta hukunta wasu da aka zalunta ta kuma bar masu barazana cikin lafazi mai laushi suna ci gaba da aika saƙo.