Yadda ake rubuta bidiyon neman taimako

Rubutun bidiyon neman taimako ana gina shi ne a kan labarin mutum ɗaya, domin zuciyar mai kallo ta fi saurin karkata ga fuskar da ya gani a kan tarin alƙaluma. Bidiyon minti biyu ba ya ɗaukar fiye da kalmomi 300, saboda haka dole a taƙaita.

A ɗauki misalin gidauniyar da ke tara kuɗin aikin yoyon fitsari. Rubutun yakan fara da matar tana magana da bakinta: doguwar naƙuda, rasuwar jariri, da yadda mutane suka ƙaurace mata. Sai a nuna aikin da aka yi mata a asibiti da komawarta sana'arta. Daga nan mai sharhi ya bayyana cewa akwai wasu matan da ke jiran irin wannan aiki.

Kira ga masu kallo shi ne ƙarshe, kuma buƙata ɗaya tak ake gabatarwa: adadin kuɗin da ake nema, abin da zai biya, da lambar asusun da za ta tsaya a allo har a kwafe ta. Idan aka haɗa da roƙon a yaɗa bidiyon ko a zo aikin sa kai, hankalin mai kallo yakan rabu.

Kafin ɗauka, wajibi ne a karanta wa matar rubutun, ta amince, kuma a ɓoye fuskarta ko sunanta idan ta buƙaci haka.