Layin da Ke Ƙarƙashin Sunanka

A yawancin tarukan ƙara wa juna sani, shafin farko da mai jawabi ke haskawa a allo ba ya daɗewa. Kafin ya gama sallama da godiya ga masu shirya taro, ya wuce shafi na gaba. A wannan ɗan lokaci mutanen da ke zaune suke karanta sunansa da layin da ke ƙasan sunan, kuma daga nan suke fara yanke shawarar ko za su tattara hankalinsu gare shi ko za su koma kan wayoyinsu. Haka abin yake ga wasiƙar imel. Wanda bai san ka ba, da ya ga saƙonka sai ya gangara ƙasa ya duba wane ne mai magana, sannan ya dawo ya karanta abin da aka rubuto.

Aikin layin nan guda ɗaya ne: ya faɗa wa baƙo dalilin da zai sa ya saurare ka a kan wannan magana da ka zo da ita. Tarihin rayuwa yana da nasa wurin, wato takardar neman aiki. Inda akasarinmu ke kuskure shi ne muna ɗauko duk abin da muka mallaka, digiri da muƙami da sarauta da ƙungiyoyi, mu cusa a layi ɗaya, har mai karatu ya rasa wanne zai kama.

Mu ɗauki misalin wata malamar gona da aka gayyata ta yi wa ƙungiyar mata manoma bayanin adana wake a buhunan nan masu ruɓi uku da ba sa shigar da iska, waɗanda ake kira PICS. Ga abin da ta fara rubutawa a shafin farko: "Hajiya Wance, B.Agric, M.Sc, ƙwararriya mai hazaƙa, mai kishin ci gaban al'umma, mamba a ƙungiyoyi da dama." Babu ƙarya a ciki. Amma macen da ta yi asarar buhu biyu na wake bara saboda ƙwari, babu abin da wannan layi ya gaya mata. Haruffan digiri ba su da ma'ana a wurinta. "Ƙwararriya mai hazaƙa" kuwa yabon kai ne, wanda Bahaushe ya riga ya ce jahilci ne, kuma kowa na iya faɗar haka game da kansa. Akwai gwaji mai sauƙi: rufe sunan da hannu, ka karanta sauran. Idan layin zai dace da wasu mutum ɗari, to bai faɗi komai ba tukuna.

Gyaran yana farawa da tambaya uku da za ta yi wa kanta. Me nake yi? Wa nake yi wa? Mece ce shaida ɗaya da za a iya tabbatarwa? Amsarta ita ce: tana koyar da adana amfanin gona, manoman wake take koya wa, kuma tun shekarar 2016 take wannan aiki. Idan aka haɗa, layin ya koma: "Malamar gona, tana koya wa manoman wake adana amfani ba maganin ƙwari tun 2016." Kalmomi goma sha huɗu ke nan, ana karanta su da numfashi ɗaya. Wanda ya karanta nasa layin da ƙarfi ya ji sai ya tsaya ya ja numfashi a tsakiya, ya san akwai abin cirewa.

A lura ta rubuta "tun 2016", ba ta rubuta yawan shekarun ba. Wanda ya sa "shekara tara yana aiki" sai ya riƙa gyarawa duk shekara, kuma mantawa zai yi. Shekarar farawa ba ta tsufa. Sannan ta ce "tana koya wa", ba "ina koya wa" ba, domin sau da yawa mai gabatar da taro wannan layin yake karantawa kai tsaye daga takarda, don haka gara ya zo da sigar da bakin wani zai iya faɗa.

Da a ce gaban malaman jami'a za ta gabatar da bincike, da digirin nan na biyu da sunan sashenta su ne za su hau layin, domin a can su ne shaidar da ake nema. Mutum ɗaya na iya riƙe layi biyu ko uku, ya zaɓi wanda ya dace da masu sauraro. A ganina sarauta ma haka take: a taron masarauta tana da muhallinta, amma a taron likitoci, cewa kai Sarkin Yaƙi ne ba zai sa a yarda da alƙalumanka ba. Laƙabin sana'a kuwa sai wanda ya cancanta. A Najeriya, alal misali, sai wanda hukumar COREN ta yi wa rajista ne ke da izinin sa "Engr." a gaban sunansa.

Imel yana da nasa hali. Allon taro don masu sauraro na rana ɗaya ne, amma layin imel yana bin kowace wasiƙa, ta zuwa ga shugaban ma'aikata da ta zuwa ga ɗan kwangila. Saboda haka ya fi kyau ya tsaya a kan muƙami da wurin aiki: "Jami'ar adana amfanin gona, sashen faɗakar da manoma," sai sunan ma'aikata da gari. Tun 1995 wata takardar ladubban intanet mai suna RFC 1855 ta ba da shawarar kada sa hannun imel gaba ɗayansa ya wuce layi huɗu, kuma shawarar tana nan da amfaninta, musamman yanzu da yawancin mutane a waya suke karanta saƙo. Suna, layin gabatarwa, lambar waya, shi ke nan. Lambar a rubuta ta yadda na waje zai iya kira: a fara da +234 a jefar da sifirin farko, ko +227 ga wanda ke Nijar.

A Gmail na kwamfuta, ana shiga Settings, sai See all settings, a gangara zuwa Signature. Manhajar waya tana da nata gurbin sa hannu a cikin saitunanta, shi ya sa ya kamata a duba abin da ke can, kada wasiƙun waya su fita da tsohon muƙami. Wasu kuma kan zana sa hannunsu a matsayin hoto don ya yi kyau. Matsalar ita ce akwai manhajojin imel da ke toshe hotuna sai mai karɓa ya ba da izini, kuma ko hoton ya buɗe, ba a iya kwafar lambar waya daga cikinsa. Rubutu zalla ya fi.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin abin dubawa, wato haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Mutum zai shirya shafinsa a kwamfutarsa komai daidai, a zauren taro a buɗe shi a wata kwamfutar da ba ta da wannan salon, sai ƙ ta fito da wata siffa daban ko ta zama ɗan akwati. Maganinsa shi ne a adana kwafin shafukan a matsayin PDF a tafi da shi. Imel ɗin kuma, kafin a aika wa kowa, mutum ya fara aika wa kansa, ya buɗe a waya, ya ga inda layin ya karye da yadda haruffan suka fito.